Kafin a buga wa fassarar takardunka hatimi

"Yaya, an fassara mini sakamakon WAEC da takardar haihuwa zuwa Larabci don neman karatu a Masar. Larabcina bai yi ƙarfi ba. Ta yaya zan san ba a yi mini kwaɓa ba?"

Ƙanena, nemi mai fassara na biyu, ba na ofishin da aka yi ta farko ba. Ka ba shi Larabcin kaɗai ya mayar maka Turanci. Kar ya ga takardar asali, don in ya gani, ita zai kwafa ko bai yi niyya ba. Kuma ka yi haka tun kafin a buga hatimi, domin gyara bayan hatimi sabon kuɗi ne da sabon layi.

Sai ka shimfiɗa takardun uku, ta asali da ta Larabci da wadda aka mayar Turanci, ka bi su layi-layi. Ba kowane bambanci ne matsala ba. In an sauya kalma amma ma'ana tana nan, wuce. Wanda zai tsayar da kai shi ne inda wani abu ya ragu, ya ƙaru ko ya sauya: darussa tara sun dawo takwas, ko ƙaramar hukumarku ta dawo gari. Ka ja layi a wurin, amma kar ka yi saurin ɗora wa na farko laifi, wani lokacin na biyun ne ya kauce. Ka nuna wa kowannensu wurin, ya faɗi dalilinsa.

Inda dabarar ke gazawa shi ne idan kuskure ya je ya dawo da riga ɗaya. Ɗauki C6, wato kiredit. Mai fassarar da bai san tsarin jarrabawarmu ba yana iya buɗe ƙamus ya rubuta "i'itiman", kalmar da bankuna ke amfani da ita wajen bashi. Na biyu ya gan ta, ya mayar da ita kiredit. Takardun Turancin biyu sun yi daidai cif, amma jami'in da zai karanta a nan Alƙahira bashin banki zai gani a gaban Lissafi. Shi ya sa nake cewa ka roƙi na biyun ya yi alama a duk inda Larabcin ya yi masa banbaraƙwai, ko da ya gane abin da ake nufi.

Sunaye kuwa kar ka dogara da fassarar dawowa. Usman zai iya dawowa Othman, kuma ba kuskure ba ne. Abin dubawa shi ne jerin sunayen ya bi na fasfo, rubutun Larabcin kuma ya zama iri ɗaya a kowace takarda. Lambobi ka koye su da kanka, goma ne kacal: ٦ shida ce ko da ta yi kama da 7, ٥ biyar ce, sifiri kuma ɗigo ne. Ka duba ranar haihuwa da lambar jarrabawa ɗaya bayan ɗaya.

Fassarar ta biyu ta dubawarka ce kawai, ba a miƙa ta ga makaranta.