Sun ba ni kwana biyu in sa hannu

"Yaya, wata ƙungiya a Maiduguri ta turo min takardar ɗaukar aiki yau Talata, wai in sa hannu in mayar kafin a tashi ofis ranar Alhamis. Ni kuma na yi intabiyu a wani kamfani nan Kano, har yanzu shiru. In na roƙi su ƙara min lokaci, ba za su fasa ba?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga saƙonka ina tuƙi, sai yanzu na samu waje na tsaya. To ka saurara, don ni na san abin da ke damunka. Zuciyarka tana Kano, Maidugurin nan ajiye ta kake son yi a aljihu ko da Kano za ta ƙi. Ba laifi ba ne, kowa haka yake yi. Amma fa akwai yadda ake yi.

Ka kira su gobe Laraba da safe. Gobe, ba Alhamis ƙarfe uku ba. Wanda ya nemi ƙarin lokaci tun da wuri, kallon mai tsari ake masa, wanda kuwa ya bari sai saura awa ɗaya, ko bai faɗa ba mun san wani wajen yake jira. Kuma wanda sunansa ke ƙasan imel ɗin za ka kira, jami'in sashen ma'aikata. Kada ka tsallake shi ka je wajen oga don wai ka san wani da ya san shi.

In ya ɗauka, ka gaisa, ka yi godiya, ka nuna kana son aikin, sannan ka faɗi rana. Kamar haka: "Na ga takarda, na gode ƙwarai, kuma ina sha'awar aikin nan. Tunda tashi zan yi daga Kano zuwa Maiduguri, akwai abubuwan da nake son in daidaita a gida, ina da kuma tambaya biyu kan takardar. Ko zai yiwu in ba ku amsa ranar Talata mai zuwa kafin azahar?" Shi ke nan, sai ka yi shiru ka bar shi ya yi magana. Kada ka fara labarin mahaifiyarka da hawan jini.

Ranar nan ita ce komai. Wallahi babu abin da ke ƙona min rai a aikin nan namu na ɗaukar ma'aikata kamar "ku ɗan ba ni lokaci in yi shawara, in sha Allah zan tuntuɓe ku". Yaushe? Ni fa akwai wanda ya zo na biyu a intabiyu, sunansa na kan teburina, shi ma yana jira, shi ma wani wajen na nemansa. In ka ce Talata, zan iya shiga wajen oga in ce yaron nan ya nemi zuwa Talata, ya ce to. In ba ka ba ni rana ba me zan je in faɗa? Istihara kam ka yi, ka ji ta bakin Baba, amma duk wannan yana shiga cikin kwana biyar. Sati ɗaya shi ne iyakar abin da za ka nema ba tare da an ɗaga gira ba. Sati biyu, gaskiya ka yi nisa, musamman su ƙungiyoyin nan da kuɗin aikinsu ke da wa'adi daga masu ba da tallafi, galibi akwai ranar da dole ma'aikaci ya kasance a fili.

Kuma da ya amince a waya, ka bi shi da imel nan take, layi biyu: na gode da maganar da muka yi, kamar yadda muka tsaya zan ba da amsa ranar Talata kaza ga wata. Ka nemi ya amsa ko da "to" ne. Saboda takardar da ke hannunka Alhamis ta ce, in Alhamis ta wuce ba a rubuce ba, tayin ya faɗi, ba ka da abin kamawa. Mutumin da ya ce maka ba komai zai iya tafiya hutu.

Akwai wani yaro da muka taɓa ɗauka, a inda na yi aiki a da. Na tura masa takarda, shiru. Na kira, ba ya ɗauka. Wa'adi ya cika, na ƙara masa kwana ɗaya don kaina, shiru. Muka ba na biyu, ta sa hannu a ranar. Bayan nan fa sai ga wani dattijo a ofis da babbar riga, wai kawunsa ne, an zo ba da haƙuri, yaro yana jiran wani banki ne bankin bai yi ba. Har cewa ya yi ai da na sani ɗan gida ne. To in cire yarinyar mutane in sa shi? Har yau in mun haɗu a biki matar kawun ba ta amsa gaisuwata da kyau. Alhali da ya ɗaga waya minti biyu ya ce Anti ki ba ni zuwa Litinin, da na ba shi. Kunya ce wai. Kunyar me?

To, ina muka tsaya... tambayoyin. Kada ka ƙirƙiro su, ka buɗe takardar ka duba, za ka same su. Kuɗin da suka rubuta, kafin a cire ne ko bayan an cire? Don dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci yana ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kashi 10, ga haraji kuma, sai ka ga abin da zai shiga asusunka ya yi ƙasa da abin da ka gaya wa Baba. Kwantiragin wata nawa ne, shida ko shekara? Akwai masauki ko kai za ka kama haya? Waɗannan dalilai ne na gaske, ba wanda zai ji haushinsu. Amma tambaya za ka yi. Kada ka rubuta "na karɓa in za ku ƙara min dubu hamsin", wannan ba karɓa ba ce, sabon tayi ka miƙa musu, suna iya cewa a'a su ɗauke nasu gaba ɗaya. Maganar ƙarin kuɗi daban, ƙarin lokaci daban, kada ka cusa su a imel ɗaya.

Ko ka gaya musu kana jiran Kano? Kada ka fara. A'a, bari in gyara, ba cewa na yi ka yi ƙarya ba. In ya tambaye ka kai tsaye, ka ce eh akwai wani waje da na yi intabiyu, ina son in rufe maganar da mutunci kafin in sa hannu. Amma kai ba sai ka ɗauko ba.

Su na Kanon su ne ma ya kamata ka matsa wa. Gobe, kana ajiye wayar Maiduguri ka kira su: na samu tayi a rubuce daga wani waje, zan ba da amsa Talata, amma ku na fi so, ko akwai abin da za ku iya gaya min kafin Litinin? In suna sonka za ka ga an motsa. In suka ce "muna kan duba wa", ka samu amsarka.

In kuma Maiduguri suka ce a'a, Alhamis ce, to kada ka yi musu, ka ce na gode za ku ji ni. Sai ka zauna daren Laraba ka yanke, kana sane cewa takarda ɗaya ce a hannunka, Kano ko alkawarin baka ba su yi maka ba. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka sa hannu da niyyar gudu bayan sati biyu. Masu ɗaukar ma'aikata a ƙungiyoyin nan sun san juna, yau yana nan gobe yana can, sunanka zai riga ka isa.

Af, ban ma tambaye ka ba, ka bar wancan aikin na makaranta ne ko kana ciki? In kana ciki ka duba notis ɗin da ke takardarka, yawanci wata ɗaya ne ko ka biya albashin wata, sai ka haɗa maganar ranar fara aiki a kiran goben. Ka turo min hoton takardar Maidugurin ta gefe, ba a nan cikin jama'a ba, ka rufe wajen albashin in kana so. Zan duba bayan isha'i.