Gurbin if: ɗaya ɓangaren za ka fara dubawa

"Salam 'yan uwa a taimaka min, WAEC ta matso kuma tambayoyin if ɗin nan suna rikita ni. If I ___ (know), I would have come. Knew ne ko had known?"

Wa alaikumus salam ƙanina, had known ce. Na daɗe ina yi wa 'yan aji shida lesin ɗin Turanci kuma kullum abin da nake ce musu kar ku tsaya kuna zura wa gurbin ido, ɗaya ɓangaren jimlar ne ke riƙe da amsa. A taka akwai would have come, to da ka ga would have ka san magana ce ta abin da ya riga ya wuce ba gyara, ɓangaren if ɗin had zai ɗauka tare da siga ta uku ta aikatau, irin su known, gone, seen. A cikin ire-iren jimlar if, wannan ce suke kira ta uku, wato third conditional.

Inda yara suke faɗawa rami shi ne mu a Hausa "da" ɗaya muke sawa duk biyun. Da ina da mota da na kai ka, wannan yanzu ake nufi, motar ce babu, sai ka ce If I had a car, I would take you. Would kaɗai ba have, ta biyu kenan, kuma kar had ɗin nan ta ruɗe ka, ta mallaka ce ba wani aikatau a bayanta. Shi kuwa da na sani da na zo tuni an watse. Da an ba ka If I ___ (know), I would come, nan knew za ta shiga. A ta biyun nan in aikatau ɗin be ne ka sa were ko da I ko he ne, If I were you, a hira za ka ji masu cewa was amma a jarrabawa were suke so.

Ta farko ma tana da nata tarkon, muna cewa idan ya zo zan faɗa masa sai yaro ya ji "ya zo" kamar an wuce ya rubuta came. A'a, bai zo ba tukuna, If he comes, I will tell him. Wasu kuma su cusa will bayan if, a nan makin ya tafi. Kar ka manta s ɗin comes.

Ta sifili ba wuya, abin da kullum haka yake, If you heat ice, it melts.

Sai dai ka lura da now a ƙarshen jimla, wani lokaci ana gauraya su, If I had studied law, I would be a lawyer now. Karatun ya wuce amma sakamakon na yau ne, shi ya sa had studied ta haɗu da would be.