Kaurin bayan littafi da awon bango

"Maigida, an kawo mana littafi mai shafi 240, girman A5, mai shi da kansa zai biya kuɗin bugu. Nawa zan ba wa gadon bayansa, kuma nawa ne faɗin bangon gaba ɗaya?"

Kai Sani, shekara nawa kana shara a shagon nan har yanzu sai an faɗa maka wannan? Ku yaran yanzu, da an ce lissafi sai ku zaro waya. To kasa kunne. Ba shafi ake ƙirgawa ba, falle ake ƙirgawa, shafi 240 falle 120 ke nan. Farar takarda mai giram 80, rim guda mai falle 500 kaurinsa ya kai wajen santimita 5, wato kowane falle milimita 0.1. Ka ninka da 120, ka samu milimita 12. Ƙara rabin milimita saboda gam da lanƙwasar kwali, 12.5.

A5 faɗinsa milimita 148, tsawonsa 210. Bangon baya, gadon baya da bangon gaba a jere suke a takarda ɗaya, sai rarar yanka milimita 3 ta kowane gefe, don wuƙar inji ba ta sauka daidai kan layi.

```
3 + 148 + 12.5 + 148 + 3 = 314.5 mm
3 + 210 + 3 = 216 mm
```

Yadda za ka ja layukan a CorelDraw kuwa, kada ma ka tambaye ni. In littafin Larabci ne ko ajami, bangon gaba hagu yake komawa.

Amma wannan 0.1 ɗin kada ka rantse da shi. Giram nauyi ne, ba kauri ba. Takarda mai ruwan madara da marubuta ke so ta fi farar kumburi ko da giram ɗinsu ɗaya, mai sheƙi kuma ta fi su duka sirantaka. Ni ban taɓa aika bango bugu ba sai na ƙirga falle daga ainihin takardar da za a yi aikin da ita, na matse su a hannu, na ɗora rula.

Ko hakan ma bai cece ni daga wani Alhaji ba, wanda har gobe in na tuna shi raina ɓaci yake. Daga Agege ya zo min nan Shomolu da tarihin mahaifinsa, shafi 240 cif kamar naka, kwafi dubu, wai za a ƙaddamar bayan sati biyu. Muka yi magana a kan farar takarda mai giram 80. Na haɗa samfuri, na auna a gabansa, ya ce madalla. Bangon kore ne, gadon bayan ja, sunan littafin da ruwan zinare. Ya ce in fara da bango tunda cikin yana hannun mai gyara. Na sayi kwali mai giram 300 da kuɗina, na buga, aka yi lamineshan, aka karya layin lanƙwasa, duka dubun.

Ana saura kwana kaɗan sai ga shi da mota cike da cikin littafi, bugagge. Ashe wani ya rage masa farashi a Mushin, ya kai can ba tare da ya gaya min ba. Takarda mai ruwan madara suka sa masa, kuma ya cusa shafi 32 na saƙonnin fatan alheri daga manyan mutane. Falle 136 ke nan, na ɗora rula na ga milimita 16 har da ɗoriya. Muka gwada guda ɗaya. Jan bai rufe bayan ba, kore ya leƙo ta gefe biyu, layin lanƙwasa ya hau kan gadon baya, rarar yankan ta kusa ƙarewa. Da mai gam ya daidaita gaba, sai sunan littafin ya karkace gefe guda.

Ka san abin da ya ce? Wai ai ni ne gwani, me ya hana ni barin wuri? Wurin me, Alhaji, bango roba ne? Ya kwashe cikin littafinsa ya tafi, ko kuɗin kwali bai ba ni ba. Na aika masa mutane har masallacin unguwarsu, ya ce aikin banza na yi masa. Bangayen nan da kake shimfiɗawa a ƙasa in za ka zuba tawada, su ne.

Saboda haka je ka gaya wa mai littafin nan: ba a buga bango sai cikin ya kammala, ya sa hannu a kan adadin shafi da irin takarda, ya kuma ajiye kuɗin kwali. Ka lallashe shi launi ɗaya ya zagaye gaba da baya, don ko an samu kuskuren milimita ɗaya ido ba zai kama ba. Rubutun gadon baya ka bar masa aƙalla milimita 2 ta kowane gefe. Yanzu ɗauko rim ɗin can ka ƙirgo min falle 120, kuma ka wanke hannu tukuna.