Tambaya da Amsa: Yadda ake auna faɗin kogi daga gaɓa ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna son mu ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa don ta riƙe bututun ban-ruwa, kuma kogin ba ya shiguwa da ƙafa. Wani da ya ce ya san aikin ya tsaya ya karkata hularsa, ya ce mita 45 ne. Hankalina bai kwanta ba, domin idan igiyar ta gaza, mai kai ta a kwalekwale ne zai shiga haɗari. Na san lissafin alwatika tun a makaranta, amma ban taɓa yin sa a fili ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi igiya da wannan adadin. Ka nemi tef ɗin awo mai tsawo, sanduna biyar miƙaƙƙu da za su zama turaku, igiyar da ba ta talewa, da mutum ɗaya da zai taya ka. Aikin bai fi na sa'a guda ba.

Fara da zaɓen abin da za ka saita a tsallake. Gindin bishiyar da ke bakin ruwa ya fi komai, ko dutse babba mai tsini. Mu kira shi A. Gindi na ce, ba reshe ba, kuma gefe ɗaya na gindin za ka riƙa duba daga farko har ƙarshe. A gaɓar da kake, ka kafa turke daura da shi, wannan shi ne B. Daga B ka fitar da miƙaƙƙen layi da zai bi gaɓa, yana sikwaya da layin AB, wato digiri 90. A kan wannan layi ka auna mita 40 ka kafa turke C, ka ci gaba ba karkata ka ƙara mita 10 ka kafa D. A D ka sake yin sikwaya, wannan karon ka juya wa kogin baya kana nisa da shi. Kana tafiya kana waiwayen C, har inda turken C zai rufe maka gindin bishiyar daidai. Nan ne E. Ka auna daga D zuwa E.

Alwatika biyu ka samu da suka haɗa kai a C, babba ABC da ya haye ruwa, da ƙarami EDC da ke kan tudu, kuma kamarsu ɗaya. Saboda haka:

AB = DE × BC ÷ CD

A ce DE ya ba ka mita 14.5. Tunda 40 ya ninka 10 sau huɗu, AB ya zama 14.5 × 4, wato mita 58. Wannan tazara ce daga turkenka zuwa gindin bishiya. Idan faɗin ruwan kansa kake so, sai ka cire ratar da ke tsakanin B da bakin ruwa, da wadda ke tsakanin bishiyar da ruwa. Amma kai da za ka ɗaure igiya, tazarar maɗauri zuwa maɗauri ce ta dame ka, don haka ka kafa B tun farko a inda igiyar za ta tashi.

Yanzu ga inda mutane ke halaka aikin, kuma a nan zan daɗe. Kusan duk wanda aka koya wa wannan hanya, da ya zo wurin sikwaya sai ya buɗe hannuwansa biyu, ya dubi nan ya dubi can, ya ce ta yi. Idan ka yi magana ya jawo maka karin maganar nan, wai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ido ya san kimar hatsi a ƙwarya. Bai san digiri biyar a fili ba, kuma digiri biyar ɗin nan ta isa ta rushe lissafin gaba ɗaya.

Dalili shi ne, kamannin alwatikan nan biyu ya dogara ne a kan abu guda: layin DE ya tafi kafaɗa da kafaɗa da layin AB, ba ya matsowa ba ya buɗewa. Sikwaya biyun da ake yi a B da D aikinsu ke nan. Mu koma kan misalinmu na mita 58. A ce lokacin da ka bar D ka ɗan karkata zuwa ɓangaren C da digiri biyar. A tafiyar mita 10 wannan kaucewar santimita 87 ce kacal, abin da mai tafiya a cikin ciyawa ba zai ji a jikinsa ba. Za ka haɗu da layin saitin da wuri, a mita 12.9 maimakon 14.5, lissafi ya ba ka kusan mita 52. Ka yi asarar mita shida ke nan, kuma a ɓangaren da ya fi haɗari, domin kogin ya fito a takarda ƙasa da yadda yake. Idan ɗaya ɓangaren ka karkata, DE zai kai mita 16.7, amsa ta doshi mita 67. Kogi ɗaya, turaku ɗaya, amma amsoshi biyu da ke da ratar mita 15 a tsakaninsu, alhali mai awon yana rantsuwa cewa ya yi sikwaya.

Maganin wannan ba shi da tsada. Ka auna mita 12 a igiyarka, ka yi alama a mita 3 da mita 7, ka haɗa bakinta biyu. Idan mutane suka ja ta tsaf a kusurwoyi uku, ɓangarorinta za su zama 3, 4 da 5, kuma kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce digiri 90, kamar yadda magina ke fitar da harsashin gini. A B, tunda gabanka ruwa ne, ka kafa ƙaramin turke a bayan B, a saitin B da A, ka kwantar da ɓangaren mita 4 a kan wannan layi. Ɓangaren mita 3 zai nuna maka hanyar C. A D kuwa ɓangaren mita 3 ya kwanta a kan layin da ka zo ta kansa, na mita 4 ya nuna hanyar E. Idan akwai fili, 6, 8 da 10 sun fi, domin kuskuren ƙulli ɗaya yana raguwa da rabi. Igiyar roba mai talewa ba ta wannan aiki: ɓangaren da aka fi ja zai fi tsawo, kusurwa ta lalace ba tare da kowa ya lura ba.

Hanyar hula da aka yi maka ita ce wannan dogaro da ido a mafi munin kamarsa, kuma yana ɓata mini rai yadda ake yaɗa ta kamar wata hikima. Mutum ya sauke bakin hula har ya taɓa tsallake a ganinsa, ya juya ba tare da ya motsa kai ba, sannan ya taka zuwa inda bakin hular ya faɗa a ƙasa. A takarda lissafin daidai ne. Amma idon mai tsayuwa bai wuce mita 1.6 daga ƙasa ba, kuma a tazarar mita 58 kusurwar da yake kallo da ita digiri ɗaya da rabi ce da 'yan kai. Idan haɓarsa ta sauka da rabin digiri yayin juyawa, zai samu mita 44. Idan ta ɗaga da rabin digiri, mita 85. Babu wuyan ɗan Adam da ke riƙe rabin digiri yana juyi. Ƙari a kan haka, gaɓar da yake tsaye ta fi ruwa tudu, saboda haka ƙasar da yake takawa da ruwan da ya saita ba a mataki ɗaya suke ba. Mita 45 da aka gaya maka na iya zama 58, na iya zama fiye. Wanda ya faɗi adadin kuma ba shi zai kasance a cikin kwalekwale ba lokacin da igiya za ta ƙare saura mita goma a kai gaci, ta tsuke, ruwa ya juya kwalekwalen a kaikaice. Shi ya sa kuma mai kai igiya ba ya ɗaura ta a ƙugunsa ko a hannunsa. A riƙe ta yadda za a iya sakinta nan take.

Akwai wuri ɗaya da na yarda ido ya isa, don kada a ce na haramta shi baki ɗaya. Wajen zaɓen inda B zai zauna daura da bishiyar, ko ka kauce da digiri 10, layin AB zai fi ainihin faɗin kogin da kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ne kawai, ƙasa da mita guda a misalinmu, kuma ƙari ne ba ragi ba. Nan ba wurin ɓata lokaci ba ne.

Abu na biyu da ke ƙara wa kuskure ƙarfi shi ne gajeren layi a gaɓa. Ganda kan sa mutum ya ce BC mita 10 ya isa. A kogi mai mita 58, idan BC da CD duk mita 10 ne, alwatikan sun zama sirara kamar tsinke, kuma karkatar nan ta digiri biyar za ta ba ka mita 39 a ɓangare guda, mita 118 a ɗayan. Kada BC ya gaza rabin faɗin da kake zato, idan ya kai kusan faɗin ma ya fi. Ka tuna kuma cewa rabon 4 da 1 yana ninka kowane kuskure a DE sau huɗu: santimita 25 a tudu mita guda ce a kan ruwa. Idan bayanka akwai fili mai yawa, ka yi BC da CD daidai wa daida, DE ya zama shi ne AB kai tsaye. Turaku su tsaya cak, domin turken C da ya jingina yana kautar da saiti; ka rufe ido ɗaya ka duƙa ka saita ta gindinsa. Inda ƙasa ke gangare, a riƙe tef a kwance, kada ya bi gangaren.

Kafin ka yarda da amsar, ka maimaita da wasu lambobi. Ka mayar da C mita 30 daga B, D kuma mita 10 gaba da shi. Yanzu sau uku za ka ninka, kuma DE ya kamata ya faɗo kusa da mita 19.3. Idan ka samu 19.6, wato mita 58.8, awon biyu sun gaskata juna, sai ka ɗauki babban. Idan ratarsu ta wuce mita biyu ko uku, kada ka raba tsakiya. Akwai sikwayar da ta karkace, ka koma ka gyara ta.

Igiya kuma ba ta miƙewa sambal a kan ruwa, tana yin ciki, ga abin da ɗauri zai ci a gaɓa biyu. A tazarar mita 58 ni ba zan ba da shawarar ƙasa da mita 70 ba. Ka dubi alamar da ambaliya ta bari a gaɓa, tarkacen da ya maƙale a rassa da inda launin ƙasa ya canja, ka tabbata maɗauran biyu suna sama da ita. Idan bishiyar da ka saita tana ƙasa da wannan alama, ka zaɓi wata da ke can sama ka sake awon zuwa gare ta.