Wanda ya yi mini intabiyu ya bar kamfanin, wa zan tuntuɓa?

Assalamu alaikum Anti. Na nemi aikin akanta a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kano. Mutum uku suka yi mini intabiyu: shugaban sashen kuɗi, wata mata daga sashen kula da ma'aikata, da wani da ban riƙe muƙaminsa ba. Shugaban sashen kuɗin ne ya fi yi mini tambayoyi, har muka yi maganar albashi, ya ce in sa rai zan ji daga gare su cikin mako biyu. Mako uku suka wuce shiru, na tura masa imel, saƙon ya dawo mini. Da na bincika aka ce ya ajiye aiki, an kawo wani. Ina da lambar wayarsa. In kira shi, ko in je wurin sabon in ce an riga an yi mini alkawari? Ina da aikin da nake yi yanzu, har na fara shirin ba su notis.

Daga ƙanwarki a Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Ki dakatar da maganar notis ɗin nan tukuna. Muddin takardar ɗaukar aiki ba ta zo hannunki ba, da sunanki da muƙami da albashi da ranar farawa da sa hannun wanda kamfani ya ba ikon sa hannu, to ba a ɗauke ki ba. Ko da mutumin nan yana kan kujerarsa haka zan ce miki, balle yanzu da ya tashi.

Abin da ya kamata ki gane shi ne gurbin na kamfani ne, shugaban sashe roƙa ya yi aka ba shi. A kamfanin da ke da tsari, shi ne yake rubuta cewa yana buƙatar akanta, masu gudanarwa su amince su ware albashin a kasafi, sannan sashen kula da ma'aikata ya fitar da sanarwa ya tace masu nema. Ranar intabiyu kowane ɗan kwamiti yana da takardar da yake ba da maki, kuma a ƙarshe takardun nan wurin sashen ma'aikata suke komawa. Saboda haka wadda ta fi muhimmanci a gare ki yau ita ce matar nan da ta zauna a kwamitin. Ita ta gan ki, fayil ɗinki yana ofishinsu, kuma ita ce za ta san inda maganar ta tsaya.

Wurare uku ne maganar za ta iya tsayawa, kuma kowanne da hukuncinsa. Idan kwamiti ya gama ba da maki, ya zaɓi mutum, an miƙa sunan sama don amincewa kafin shugaban ya tafi, to yawanci aikin yana tafiya, jinkiri ne kawai zai shiga, saboda takardar tana jiran sa hannun wanda bai gama zama a ofis ba. Idan kuwa an yi intabiyu amma ba a yanke shawara ba, sabon shugaba zai so ya ga mutum biyu ko ukun da suka fi maki da idonsa, domin shi zai yi aiki da wanda aka ɗauka, shi kuma za a tuhuma idan lissafi ya lalace. Na ukun shi ne mai ɗaci: sabon ya duba sashen ya ce ba akanta yake buƙata ba, mai binciken kuɗi yake so, ko ya raba aikin ga waɗanda suke ciki, ko masu gudanarwa su ce a tsayar da duk ɗaukar ma'aikata a sashen har ya gama karɓar ragama. Duk tuntuɓar da za ki yi, manufarta ki san a wanne kike cikin ukun nan.

Ki koma kan saƙon da ya dawo miki, ki karanta shi da kyau. Idan kin ga `Address not found` ko lamba `550 5.1.1`, ma'anarsa babu wannan adireshin, ko an rufe shi ko an yi kuskure wajen rubuta shi, babu wanda ya ga abin da kika rubuta, don haka kada ki lissafa shi a matsayin tuntuɓar da aka yi biris da ita. Idan kuma amsa ce ta kai tsaye da kamfani ya saita, sau da yawa a ƙasanta ana rubuta sunan wanda za a tuntuɓa, mutane kuma sukan rufe saƙon ba su kai nan ba. Bayan wannan ki nemo imel ɗin farko da aka gayyace ki intabiyu da shi. Ki duba wanda ya aiko, ki duba layin `Cc`, ki kwafe lambar gurbin idan akwai. Idan ta waya aka gayyace ki, ki kira babbar lambar kamfanin da safe, wajen ƙarfe goma, ki ce a haɗa ki da sashen kula da ma'aikata kan gurbin akanta. Kada ki tsaya ba mai karɓar baƙi labarin duka, sunan mai kula da gurbin da adireshin imel ɗinsa kawai kike nema. Idan kuma ta hannun kamfanin dillancin ma'aikata kika shiga, su za ki bi, domin sai an ɗauki mutum ake biyan yawancinsu, su ma suna da dalilin matsawa.

Saƙon da za ki tura kada ya wuce layi shida ko bakwai, da harshen da aka gayyace ki da shi. A kan saƙon ki sa sunan muƙamin, lambar gurbin, ranar intabiyu da sunanki, don wanda bai san ki ba ya iya nemo fayil ɗinki ba tare da ya buɗe ba. A ciki ki faɗi ranar da aka yi miki intabiyu da waɗanda suka zauna, ki ce kin samu labarin an sami sauyi a shugabancin sashen, har yanzu kina son aikin, kina neman sanin ko gurbin yana nan da kuma wanda ke kula da shi yanzu. Ki rufe da cewa a shirye kike ki sake zuwa idan sabon shugaba yana son ganinki. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ta fi aiki, saboda ta sauke wa matar nauyin da take jin kunyar ɗora miki, na ta ce ki dawo a sake. Ki haɗa takardar tarihin karatu da aikinki, irin wadda kika ba su tun farko, don ta tura wa sabon da dannawa ɗaya.

Maganar alkawari kuwa, kada ta fito daga bakinki. "Ki sa rai" ba alkawari ba ne, kuma ko da ya ce ke ya zaɓa, ba ki san yadda ya rabu da su ba. Idan da rigima ya tafi, duk wanda ya zo yana cewa shi ne zaɓin tsohon shugaba ya jawo wa kansa tuhuma, musamman a sashen kuɗi inda abin da sabon shugaba yake fara dubawa shi ne wa ke tare da wa. Albashin da kuka tattauna ma ki rubuta shi a littafinki da ranar, ki ajiye. Idan aka zo wurin tayi aka ambaci ƙasa da shi, a lokacin za ki ce a intabiyun farko an yi maganar kaza, a gaban wakiliyar sashen ma'aikata, ko adadin da aka ware wa gurbin ya canza ne? Tambaya kika yi, ita kuma tana wurin, za ta iya gaskata ki.

Tsohon shugaban za ki iya tuntuɓarsa sau ɗaya, idan shi ya ba ki lambar da kansa. Ki tura rubutaccen saƙo maimakon kira: gaisuwa, fatan alheri a inda ya koma, da tambaya ɗaya, wa ya karɓi maganar gurbin. Kada ki tambaye shi dalilin tafiyarsa ko makin da kika samu, kada kuma ki ce ya sa miki baki, domin yanzu ba shi da iko a can, kuma bayanan intabiyu sirrin kamfani ne da bai kamata ya fitar ba. Idan a wurin wani kika samo lambar, ki bar ta. Amfaninsa na gaske a gaba yake: mutumin da ya yaba da ke yanzu yana wani wurin, wataƙila wata rana ya buƙaci akanta.

Ga yadda za ki tsara lokaci. A ce kin tura saƙon ranar Talata da safe. Ki bari har Talata mai zuwa, kwana biyar na aiki ke nan. Idan shiru, ki kira sau ɗaya, ki tambayi ko saƙon ya shiga da kuma lokacin da ya dace ki sake tuntuɓa. Idan aka ba ki rana, ki ƙara kwana biyu a kai kafin ki yi magana. Idan ba a ba ki ba, ki jira kwana goma na aiki ki tura saƙo na ƙarshe a ƙarƙashin na farko, layi biyu. Daga nan ki tsaya. Ki kuma kauce wa makon ƙarshen wata da kwanakin farkon sabo, lokacin ne sashen ma'aikata ke fama da albashi, sashen kuɗi kuma ke rufe littafi, saƙonki nitsewa zai yi. Zuwa ofis ba tare da an kira ki ba, ban ba ki shawara ba.

A tsakanin nan ki riƙa leƙa inda kika ga sanarwar. Idan ta sake fitowa da bayani iri ɗaya, an koma farko, ki sake nema kuma ki sanar da matar cewa kin sake. Idan ta fito da sabbin sharuɗɗa, misali a da shekara biyu na ƙwarewa ake nema yanzu an ce biyar tare da shaidar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ANAN, to sabon shugaba ya sauya aikin, ki auna kanki da sabon ma'aunin. Ki kuma yi hattara da duk wanda ya kira ki ya ce shi ne sabon shugaba, ki turo kuɗin fom ko na gwajin asibiti a asusunsa. Lokacin sauyi irin wannan mazambata ke so. Ki kashe wayar ki kira babbar lambar kamfanin ki tabbatar.

Idan aka kira ki zama na biyu, ki shirya kamar ba a taɓa ganinki ba. Wataƙila bai karanta makin da aka ba ki ba, ko ya karanta bai yarda da shi ba. Kada ki ce "na riga na amsa wannan". Sabon shugaban kuɗi yawanci abin da ya gada ne ke hana shi barci: lissafin banki da bai daidaita da littafi ba, bashin da ke kan dillalai, kayan sito da adadinsu a takarda ya saɓa da na ƙasa. Ki tafi da misali ɗaya daga aikinki na yanzu inda kika gano irin wannan giɓin, yadda kika bi shi da tsawon lokacin da ya ɗauka, ba tare da kin fallasa alƙaluman masu gidanki ba. Idan aka ba ki damar tambaya, ki tambaye shi abin da yake son wanda aka ɗauka ya fara gyarawa a wata ukun farko, da kuma ko aikin ya canza daga yadda aka rubuta shi a sanarwa. Amsar ita za ta nuna miki ko aikin da kika nema ne har yanzu ake maganarsa.

Ki ci gaba da tura takardunki wasu wuraren a wannan makon, ki kuma duba takardar aikinki na yanzu ki ga notis na kwana nawa aka rubuta, don idan tayin ya zo ki san ranar farawar da za ki iya amincewa da ita. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.

Antinki