Taswirar taron unguwa: sikelin da ke allo ba shi ne na takarda ba sai an gwada

Tambaya: Assalamu alaikum. Mai unguwarmu ya kira taro kan gyaran magudanan ruwa kafin damina, an ɗora mini fitar da taswira. Na zana komai a QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta. Unguwar ta kai kilomita 1.8 gabas da yamma, 1.2 kudu da arewa. Yaya zan buga ta da sandar sikeli da kibiyar arewa, yadda in an auna a takarda zai dace da ƙasa? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa takarda, duba kusurwar dama ta ƙasan allo. In ka ga EPSG:4326, taswirarka da digiri take lissafi, ba da mita ba, kuma santimita ɗaya ba zai zama nisa ɗaya a ko'ina ba. Danna wurin ka zaɓi EPSG:32632, wato shiyya ta 32 ta UTM, tsarin da ke lissafi da mita, kuma a wannan shiyyar Kano take. Na Sakkwato 32631 zai zaɓa, na Maiduguri kuma 32633.

Sikelin kuwa da biro ake fara fitar da shi. Takardar A3 a kwance faɗinta santimita 42 ne, tsayinta 29.7. Ka bar gefe da wurin suna da bayanin alamomi, sai ya rage maka kamar 38 da 25. A sikelin 1:5000 kowane santimita ɗaya mita 50 ne a ƙasa, don haka mita 1,800 zai ci santimita 36, mita 1,200 ya ci 24. Ka ga ta shiga, har da ɗan sarari. Shawarata ka tsaya a kan lamba cikakkiya irin wannan, domin 1:4763 da manhajar za ta iya ba ka da kanta ba mai iya lissafinta a ka ana tsakiyar muhawara.

Yanzu shiga Project, ka zaɓi New Print Layout. Danna dama a kan farar takardar, a Page Properties ka sa A3. Da Add Map ka ja akwatin taswirar, sannan a Item Properties ka rubuta 5000 a gurbin Scale. Ka yi hattara a nan: in kana gyara zaman taswirar da Move item content ka murza tayar linzami, sikelin zai canza ba tare da ka lura ba. Sake duba lambar kafin ka fitar.

Sai sandar, da Add Scale Bar. Ka tabbata tana haɗe da Map 1, wato akwatin taswirar da ka ja, ma'auninta mita, gaɓoɓi biyar a dama, babu ko ɗaya a hagu, Fixed width kuma 100. Tsawonta gaba ɗaya mita 500 ke nan, wanda dole ya fito santimita 10 cif a takarda. Riƙe wannan lambar.

Kibiyar ba ta da wahala. Add North Arrow, ka duba cewa Sync with map na kunne, don in ka karkata taswirar ita ma ta karkata. Ranar taron, shimfiɗa takardar a tabarma ko tebur kibiyar na fuskantar arewa ta gaske, da taimakon kamfas ɗin waya. Dattawa sun fi saurin gane gidajensu idan gabas ɗin takarda ya dace da gabas ɗin gari.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne shagon bugawa. Fitar da shi da Export as PDF, kada ka kai hoton allo. Ka ce wa mai shagon ya zaɓi Actual size, ba Fit ba. In firintarsa ta A4 ce ya matse A3 ɗinka a ciki, komai zai koma kusan kashi 71 cikin ɗari, sikelin ya zama kamar 1:7070, alhali rubutun yana nan yana cewa 1:5000. Wanda ya auna magudanar mita 300 zai samu santimita 4.2 maimakon 6, ya yi lissafin mita 210, a sayo siminti da bulo su gaza. Sandar ita ba ta yin ƙarya, domin tare da taswirar take ƙanƙancewa. Shi ya sa nake ganin ta fi rubutacciyar lamba muhimmanci, musamman in za a yi hoton kwafi a raba wa jama'a.

Don haka tafi da rula a aljihu. A buga guda ɗaya tukuna, ka ɗora rular a kan sandar. In ta ba ka santimita 10, a ci gaba da sauran. In ta ba ka 9.6 ko 7, an matse, a gyara saitin a sake bugawa. Idan kuma A4 kaɗai ke samuwa, koma ka shirya shafin A4 a sikelin 1:7500, inda unguwar za ta ci santimita 24 da 16, sandar mita 500 kuma ta fito kusan santimita 6.7.