An ce jinin Baba lafiya lau, to me ya sa aka kwantar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Babanmu yana da shekara 61, yana da hawan jini da ciwon suga. Kusan shekara biyu ke nan in ya hau bene ko ya yi sauri zuwa masallaci sai ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, in ya zauna ya wuce, aka ce anjaina ce. Makon jiya ciwon ya tashe shi cikin dare yana kwance. A asibiti an ɗebi jininsa har sau biyu, aka ce duk lafiya, ba bugun zuciya ba ne, amma aka riƙe shi kwana uku. In jini lafiya yake, mene ne na kwantarwa? Kuma mene ne bambancin wannan da na da, da kuma bugun zuciyar?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Waɗanda suka riƙe shi sun yi daidai, ni ma da a hannuna ya zo ba zan sallame shi a daren ba.

Zuciya tsoka ce, kuma duk da ita ke harba jini ga jiki, tana da nata ƙananan hanyoyin jinin da ke kwance a jikinta ta waje suna ciyar da ita. A mai suga da hawan jini, ko mai shan taba, kitse yakan taru a cikin bangon waɗannan hanyoyi a hankali, shekara da shekaru, har ya zama wani tudu mai ɓawo a samansa. Abubuwa ukun da kike tambaya a kai duk daga wannan tudu suke. Bambancinsu yana ga halin da ɓawon yake ciki, da kuma ko tsokar zuciya ta kai ga mutuwa.

Abin da Baba ya shekara biyu yana ji shi ne anjaina mai zama wuri ɗaya. Tudun ya matse hanya, galibi ya cinye kamar kashi 70 cikin 100 na faɗinta, amma ɓawonsa na nan garau. In yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya isa. In ya hau bene zuciya ta ƙara gudu, tana neman jinin da hanyar ba za ta iya kawowa ba, sai ta yi ƙorafi. Shi ya sa mai irin wannan ciwo ya san shi kamar yunwar cikinsa. Zai ce miki, “In na kai kwanar gidan liman nake jin sa.” Nauyi ne ko matsewa a tsakiyar ƙirji, kamar an ɗora buhu, wani lokaci ya miƙa zuwa hannun hagu ko muƙamuƙi. In ka ce ya nuna wurin, dunƙule hannu zai yi ya ɗora a ƙirji, ba zai nuna da yatsa ɗaya ba. Yakan ɗauki minti biyu zuwa biyar, hutu ko ƙwayar nitirogilisarin da ake sawa ƙarƙashin harshe su kore shi. Cin tuwo da yawa, sanyin hunturu da ɓacin rai duk suna iya tayar da shi. A nan babu tsokar da ta mutu, don haka jini ba ya nuna komai.

Na makon jiya wani abu ne daban. Mutumin da ke kwance yana barci bai ƙara wa zuciyarsa aiki ba, saboda haka in ciwo ya zo, hanyar ce ta ƙara tsukewa farat ɗaya. Abin da yakan faru shi ne ɓawon nan ya tsage, kitsen ciki ya haɗu da jini, jiki ya ɗauka rauni ne, sai ƙwayoyin da ke daskarar da jini su yi caa a wurin su haɗa guda. Gudan bai toshe hanyar gaba ɗaya ba, ko kuma yana toshewa yana buɗewa. Wannan ita ce anjaina marar tabbas. Alamarta ita ce tsohon ciwo ya sauya hali: ya zo ana zaune ko ana kwance, ko ya daɗe har ya haura minti 20, ko tafiyar da ba ta tayar da shi a da ta soma tayar da shi, ko ƙwayar ƙarƙashin harshe ta daina kore shi yadda ta saba. Haka ma wanda bai taɓa yi ba, kwatsam ya soma, kuma da ƙarfi.

In gudan ya ci gaba da girma har jini ya yanke, bayan kamar minti 20 zuwa 30 tsokar da ke gaba ta fara mutuwa, kuma mutuwar tana yaɗuwa cikin awoyin da ke biye. Wannan shi ne abin da mutane ke kira bugun zuciya. Sunan yana ɗan rikitarwa, don da shi muke kiran harbawar zuciya ta yau da kullum, amma abin da likita ke nufi shi ne wani yanki na tsokar ya mutu, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. Ciwon yakan fi tsanani, ya wuce rabin awa, da gumi sharkaf, tashin zuciya ko amai, numfashi sama-sama, hutu kuma ba ya magani.

Sai dai ban so ki dogara da tsananin ciwo wajen rarrabe na biyu da na uku, don mu kanmu ba ma iyawa. Mai suga irin Baba jijiyoyin jin zafinsa suna iya dushewa, yana iya samun bugun zuciya sosai alhali abin da ya ji kawai kasala ce da gumi. Mata da tsofaffi ma haka. Na sha ganin wanda ya kwana yana shan maganin olsa saboda zafi a ƙahon zuci, gari ya waye ashe zuciya ce. Wannan gazawar ce ta sa muke komawa ga jini.

Abin da aka auna a jinin Baba sunansa tiroponin. Wani sinadari ne da ke zaune a cikin ƙwayoyin tsokar zuciya. Muddin ƙwayar na raye yana ciki, sai ta lalace yake tsiyayowa cikin jini. To a anjaina mai zama wuri ɗaya ba ya hawa, a marar tabbas ma ba ya hawa, a bugun zuciya ne yake hawa. Ga inda mutane ke yin kuskure: ba nan take yake bayyana ba. Da tsohon gwaji sai bayan awa uku zuwa shida da fara ciwo, da sabon gwaji mai kaifi kuma bayan awa ɗaya zuwa uku. Yakan kai ƙololuwa a cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan ya sauko a hankali, har kwana bakwai zuwa 14 ana iya ganin saurarsa. Dalilin ɗibar jini sau biyu ke nan.

Akwai wani ɗan kasuwa da aka taɓa kawo mana minti 40 bayan ciwo ya kama shi a shago. Gwajin da muke amfani da shi mai kaifi ne, iyakarsa nanogiram 14 a kowace lita. Na farko ya fito 9. Ciwo ya lafa, ɗansa har ya ɗauko makullin mota, yana cewa, “Likita, ai an ce babu komai.” Muka ce a yi haƙuri. Bayan awa uku aka sake ɗiba, ya fito 180. Da an bar shi ya tafi da takardar farko, da bugun zuciya aka sallama gida. Shi kuwa Baba, na farko da na biyu duk ba su motsa ba, wato tsokarsa ta tsira a wannan karon. Amma tiroponin bai san komai game da ɓawon da ya tsage ba. Tsagar na nan, gudan jinin na nan, kuma kwanakin farko su ne mafi hatsari, don yana iya ƙarasa toshewa a kowane lokaci. An kwantar da shi ne don a ba shi asfirin da wani magani na biyu mai hana ƙwayoyin jini mannewa, da allurar hefarin mai hana jini daskarewa, da maganin rage kitse, ana sa ido ana maimaita gwaji har wurin ya lafa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ba duk hawan tiroponin ne ke nufin hanya ta toshe ba. Mai ciwon ƙoda yakan zauna da nasa a sama kullum. Gazawar zuciya, har da irin wadda ke kama masu jego da muke gani da yawa a ƙasar Hausa, da cutar da ta bazu cikin jini, da gudan jini a huhu, duk suna iya ɗaga shi. Abin da muke dubawa shi ne motsi, wato ya hau ko ya sauka tsakanin gwaji biyu, tare da labarin ciwon. Akwai kuma tsohon gwaji mai suna sike-embi, wanda wasu wuraren shi kaɗai suke da shi. Bai kai tiroponin kaifi ba, amma yana komawa daidai cikin kwana biyu zuwa uku, saboda haka in ciwo ya dawo wa marar lafiya a rana ta biyar, yana iya taimakawa a gane ko sabon bugu ne.

Wani abu guda ba ya jiran sakamakon jini, shi ne isiji, takardar nan mai zane-zane da ake samu in an manna wayoyi a ƙirji. Ƙa'ida a yi shi cikin minti goma da isowa. In wani sashe na layin, wanda muke kira es-ti, ya ɗaga sama, alama ce hanya ta toshe ruf, sai a tafi kai tsaye ga buɗe ta, ko dai da ƙarin ruwan narkar da guda irin su sitireftokinas, wanda amfaninsa yana cikin awa 12 na farko kuma ya fi yawa a awoyin farko, ko da zura siririn bututu a saka raga mai riƙe hanyar a buɗe, a inda ake da kayan aikin. Isiji mai kyau kuwa ba ya wanke mutum, don a anjaina marar tabbas sau da yawa yakan fito lafiya in ciwo ya lafa.

Yanzu da ya dawo gida, kada a daina magungunan don ya ji sauƙi, kuma ku tambayi likitansa ko yana buƙatar hoton hanyoyin jinin zuciyar. A duba ko yana da ƙarancin jini, don shi ma yana tsananta anjaina. In ciwo ya zo, ya zauna ya sa ƙwayar ƙarƙashin harshe. In bayan minti biyar bai sauka ba, ko ya sake zuwa yana hutawa, a nufi asibitin da ke da isiji a lokacin, ko da ƙarfe biyun dare ne, kuma kada shi ya tuƙa motar. Akwai magana ɗaya da nauyin baki ba zai bari ki yi da shi ba, sai ki sa yayanki ko likitansa ya yi: maganin ƙarfin maza irin su sildenafil ba ya haɗuwa da nitirogilisarin, don tare suna iya faɗar da jini ƙasa warwas, kuma wasu haɗe-haɗen da ake sayarwa a kasuwa da sunan na gargajiya akwai shi a ciki.